Yadda Ake Shiga Jirgi da Bas a Biranen Masu Jin Jamusanci: Tambayar Hanya, Sayen Tikiti da Fahimtar Sanarwa

Abu na farko da ke ruɗa baƙo a tashar jirgin ƙasa ta Berlin shi ne babu ƙofar da ke tare shi. Babu shinge, babu mai duba tikiti a bakin shiga. Kana iya saukowa daga titi ka faɗa jirgi ba wanda ya ce maka uffan. A gida kwandasta ne ke kiran sunan unguwa, ya karɓi kuɗinka, ya kuma tuna maka idan an iso. A can duk aikin nan uku a wuyanka yake: kai za ka gane inda jirgin ya nufa, kai za ka sayi tikitin da ya dace ka buga masa tambari, kai kuma za ka kasa kunne ka ji an kira tasharka. Ba sai ka iya Jamusanci ba kafin ka yi haka. Kalmomi ƙalilan ne ke ta maimaituwa, kuma idan ka riƙe su sun ishe ka.

Za mu bi tafiya ɗaya daga farko har ƙarshe. Ka sauka a filin jirgin sama na Berlin, wanda ake rubuta wa BER, kuma mai masaukinka yana zaune kusa da tashar Pankstraße a arewacin birnin.

Kafin ka taɓa na'urar tikiti

Ka sa mai masaukin ya turo maka abu uku a rubuce: sunan tashar da za ka sauka, lambar layin, da cikakken adireshi tare da lambar gidan waya mai alƙaluma biyar. A rubuce na ce, domin sunaye suna kama da juna ƙwarai. A layin U8 kaɗai akwai Hermannplatz akwai Hermannstraße, kuma tashoshi ne daban. Wanda ya riƙe "Hermann" kawai a ka zai iya sauka inda ba a jiransa.

Sai ka san alamomi. Farar U a kan shuɗi ita ce U-Bahn, jirgin da galibi ke bin ƙarƙashin ƙasa. Farar S a cikin koren da'ira ita ce S-Bahn, jirgin da ke ratsa birni ya fita har bayan gari. Koriyar H a cikin rawayan da'ira wurin tsayawar bas ne ko jirgin titi, wanda suke kira Tram ko Straßenbahn. A cikin birni tikiti ɗaya ne ke aiki a dukkansu, har da jiragen yanki masu alamar RE da RB. Waɗanda ba ya aiki a cikinsu su ne jiragen dogon zango, ICE da IC da EC, in ban da wasu 'yan hanyoyi da ake sanarwa musamman. Baƙo ya bar su kawai.

Mataki na ɗaya: shiyya

Ba a sayen tikiti da sunan tasha a Berlin, da shiyya ake saya. Shiyyar A ita ce tsakiyar birni, duk abin da ke cikin zoben layin dogon da ya kewaye shi. B ta fara daga zoben zuwa iyakar birnin. C kuwa garuruwan kewaye ne, kamar Potsdam. Tikitin da ake sayarwa AB ne, ko BC, ko ABC.

Filin jirgin BER yana cikin C. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa tarko: suna ganin AB ya fi araha, suna kuma ganin ai Berlin suka zo, sai su danna shi. Daga filin jirgi zuwa Pankstraße ABC kake buƙata. Bayan ka zauna a gari, zirga-zirgarka ta yau da kullum AB ce. Idan wata rana kana riƙe da tikitin AB kuma tafiya ta kama zuwa C, akwai ƙaramin tikitin ƙari mai suna Anschlussfahrausweis da ake haɗawa da shi.

Mataki na biyu: na'urar

Tashar jirgin tana ƙarƙashin ginin filin jirgin, kuma na'urorin tikiti suna nan a hanya. A allon akwai 'yan tutoci na sauya harshe, akwai Turanci akwai Faransanci. Amma ka san sunayen da Jamusanci, saboda su ne a jikin takardar, su ne kuma mai dubawa zai ambata.

Einzelfahrschein, ko Einzelfahrausweis, tikitin tafiya ɗaya ne. A Berlin yana aiki na minti 120, kana iya sauya jirgi ko bas sau nawa ka ga dama, har ka tsaya a hanya, amma gaba kawai. Ba a komowa da shi. Idan ka je kasuwa ka gama cefane cikin rabin awa, dawowarka sabon tikiti take so ko da lokacin na farkon bai ƙare ba. Kurzstrecke na gajeren zango ne: tasha uku a U-Bahn ko S-Bahn, ko tsayawa shida a bas ko jirgin titi ba tare da sauya mota ba. 24-Stunden-Karte na awa 24 ne, ka yi ta yawo son ranka, kuma shi nake ba baƙo shawarar ya saya a ranar da zai je wurare uku ko fiye, don ya huta da lissafi. 4-Fahrten-Karte tikiti huɗu ne a dunƙule da ɗan rangwame.

A kowanne za ka ga zaɓi biyu, Regeltarif da Ermäßigungstarif. Na biyun ya fi araha, amma ba naka ba ne: na yara ne daga shekara 6 zuwa 14. Yaron da bai kai 6 ba kyauta yake shiga. Babban mutum da ya sayi na yara daidai yake da wanda bai sayi komai ba a idon mai dubawa.

To danna Einzelfahrschein, danna ABC, danna Regeltarif, ka biya da katin banki ko tsabar kuɗi. Na'urorin ba su cika karɓar manyan takardun kuɗi ba, don haka kar ka dogara da takardar yuro 50 da ka canzo. A basukan Berlin kuma an daina karɓar tsabar kuɗi tun 2024, sai kati.

Idan taga ka samu mai mutum a ciki, jumlar gajeriya ce: "Einmal ABC, bitte." Ana faɗinta kamar "ainmal a-be-tse, bitte", wato ABC guda ɗaya, don Allah. Na mutum biyu "zweimal", kamar "tsvaimal".

Mataki na uku: tambari, wanda ya fi kowanne cin mutane

Takardar da ta fito daga na'ura a dandamalin Berlin ba ta fara aiki ba tukuna. Ka duba jikinta, za ka ga "Bitte entwerten" ko "Hier entwerten", wato a buga tambari, da kibiya. Kusa da na'urar akwai wani ɗan akwati a kan sanda, rawaya ko ja, mai baki kamar na asusu. Ka tura tikitin ta gefen kibiyar, za ka ji ƙas, ka zaro ka duba ko an buga tasha da lokaci. Daga wannan lokacin minti 120 ɗinka ya fara. Sau ɗaya ake bugawa. Idan ka sauya jirgi kar ka sake, domin tambari biyu a kan juna na iya ɓata tikitin.

Kafin ka shiga ake yi, domin babu akwatin a cikin U-Bahn da S-Bahn. A bas da jirgin titi ne yake ciki. Tikitin da ka saya a wurin direban bas kuwa ya riga ya fara aiki, ba ya son tambari. Haka ma na manhajar waya, sai dai dole ka saye shi kafin ka sa ƙafa a jirgi, kuma idan cajin wayarka ya ƙare, tikitinka ya tafi da shi.

Masu dubawa sukan shigo da kayan gida, su jira ƙofa ta rufe, sannan ka ji "Die Fahrscheine, bitte" ko "Fahrausweise, bitte", wato ku nuna tikiti. Wanda ba shi da tikiti, ko yake da na shiyyar da ba ita ba, ko bai buga tambari ba, tararsa yuro 60 ce. "Ban sani ba" ba ta ceton kowa, baƙo ne ko ɗan gari. Idan ta faɗa maka, ka natsu, ka nuna katin shaidarka, ka karɓi takardar da za su ba ka, ka biya cikin wa'adin da ke jikinta. Kana da damar cewa su nuna maka nasu katin aikin, Dienstausweis. Kar ka jefar da takardar, kuma kar ka mayar da abin al'ada: a dokar Jamus shiga jirgi ba tikiti da gangan laifi ne da ake iya kai mutum kotu a kansa, kuma wanda ke zaune da biza bai kamata ya bari sunansa ya shiga irin wannan rajista ba saboda kuɗin tikiti.

Mataki na huɗu: ina jirgin ya nufa

Babu allon da zai ce maka arewa ko kudu. Ana gane alkiblar jirgi da sunan tasharsa ta ƙarshe, kuma kalmar ita ce Richtung, kamar "rishtung". Daga filin jirgi ka nemi S9 Richtung Spandau. Yana tashi duk minti 20, kuma kusan minti 45 zai kai ka Alexanderplatz. Can za ka sauka. S-Bahn a sama take, sai ka gangara ka bi shuɗiyar alamar U8. Tashar babba ce, U2 da U5 ma suna nan, don haka ka bi lamba, kar ka bi taron mutane.

A dandamalin U8 jirgi biyu ne ke zuwa, ɗaya Richtung Hermannstraße, ɗaya Richtung Wittenau. Naka na Wittenau ne. Wani lokaci allon zai nuna Paracelsus-Bad ko Osloer Straße a maimakon Wittenau. Kar gabanka ya faɗi, alkibla ɗaya ce, jirgin ne ba zai kai ƙarshen layi ba, kuma duk suna ratsa Pankstraße. Yadda za ka tabbatar shi ne ka duba jerin tashoshin da ke jikin bango. Daga Alexanderplatz sai Weinmeisterstraße, Rosenthaler Platz, Bernauer Straße, Voltastraße, Gesundbrunnen, sannan Pankstraße, ta shida. Idan tashar farko da ka gani ba Weinmeisterstraße ba ce, ka yi baya. Ka sauka, ka koma ɗaya gefen dandamalin, ka hau mai zuwa.

Layin zobe ne kawai ya fita daban, tunda ba shi da ƙarshe. S41 yana zagayawa yadda hannun agogo ke tafiya, S42 akasin haka.

Yadda ake tambayar mutum

A nan ka taƙaita. Mutumin da ke sauri a tasha ba ya tsammanin doguwar gaisuwa, kuma idan ka fara ta yana iya zaton wani abu kake son sayar masa ya wuce. Kalma ɗaya ce mabuɗi: "Entschuldigung", kamar "entshuldigung", wato gafara dai. Daga nan ka faɗi buƙatarka kai tsaye. Baƙon mutum da "Sie" ake yi masa magana, kamar "zi", ba da "du" ba.

Tambayar da ta fi amfani ita ce wadda amsarta "ja" ce ko "nein", i ko a'a, domin ita za ka gane. Ka nuna jirgin ka ce "Fährt dieser Zug zum Alexanderplatz?", kamar "fert diza tsuk tsum…", wato wannan jirgin yana zuwa can? Idan bas ne, "dieser Bus". Idan dandamali kake nema, "Wo fährt die U8 ab?", daga ina U8 ke tashi. "Muss ich umsteigen?" na nufin sai na sauya jirgi? "Wie komme ich zum Hauptbahnhof?" kuwa, yaya zan kai babbar tasha, tambaya ce mai kyau amma tana jawo doguwar amsa. Kar ka damu da bambancin "zum" da "zur", kowanne ka faɗa za a gane ka. Idan sunan ya ƙi bakinka, nuna shi a waya ka ce "Ich möchte hierhin", nan nake son zuwa.

A cikin amsar, kar ka yi ƙoƙarin kama kowace kalma. Ka farauci waɗannan: "links" hagu, "rechts" dama, "geradeaus" miƙe, "oben" sama, "unten" ƙasa, "gegenüber" tsallaken, "andere Seite" ɗaya gefen. Ka kuma kalli hannunsa. Idan ya yi sauri ka ce "Langsamer, bitte", a hankali don Allah, ko "Noch einmal, bitte", a maimaita. "Sprechen Sie Englisch?" ba abin kunya ba ne, matasa da yawa suna ji. Ka rufe da "Danke schön".

Ɗan sanin karatun haruffansu yana taimakawa wajen gane sunan da ka karanta idan aka faɗe shi: "ei" ana karanta shi "ai", "ie" doguwar "i" ce, "eu" kuma "oi". Harafin "z" kamar "ts" ne mara ƙarfi, "v" galibi "f" ce, "ß" kuwa "s". "St" da "sp" a farkon kalma "sht" da "shp" ne. Don haka Pankstraße za ka ji "pank-shtrase", Spandau kuma "shpandau".

Lambobi suna da tarko biyu. Daga 21 zuwa 99 suna fara faɗin na ƙarshe: "einundzwanzig" ɗaya da ashirin ne, wato 21, ba 12 ba. Na biyu agogo ne: "halb acht" ba takwas da rabi ba ne, bakwai da rabi ne, saura rabin awa takwas ta cika. A allon tasha agogon awa 24 ake bi, 19:30 ke nan idan da yamma ne. Idan lamba ce mai muhimmanci ka miƙa waya ka ce a rubuta maka.

Abin da lasifika ke cewa

Sanarwar yau da kullum tsarinta ɗaya ne. A dandamali za ka ji "Einsteigen, bitte", ku shiga, sai "Zurückbleiben, bitte", ku tsaya baya. Da ka ji ta biyun, ƙofa za ta rufe, kar ka yi tsalle, wani jirgin na nan tafe. A ciki kuma "Nächste Station" ko "Nächster Halt" sai sunan tasha mai zuwa, "Übergang zur U8" wato nan ake sauyawa zuwa U8, da "Ausstieg links" ko "Ausstieg rechts", gefen da ƙofa za ta buɗe, idan kana fuskantar inda jirgin ya dosa. Ƙofar ba kullum take buɗe kanta ba, ka danna maɓallin da ke jikinta ko ka ja mariƙin. A bas dole ka danna maɓallin Stopp kafin a iso, in ba haka ba direba ya wuce idan ba mai jira a wurin.

Sanarwar da ya kamata ka miƙe kunne dominta ita ce wadda ba ta bi wannan tsari ba, musamman idan muryar mutum ce ba ta na'ura ba. A nan ma kalma ɗaya ko biyu kake nema. "Verspätung" jinkiri ne, za ka ji adadin mintoci kusa da ita. "Fällt aus" na nufin an soke jirgin, kar ka ci gaba da jira. "Heute von Gleis 4" na nufin yau daga dandamali na 4 zai tashi, ba inda aka saba ba. Idan ka ga mutanen dandamali sun ɗunguma gaba ɗaya zuwa matakala bayan wata sanarwa, yawanci wannan ce. "Dieser Zug endet hier" da "Bitte alle aussteigen" na nufin jirgin ya tsaya nan, kowa ya sauka. Dalilan da ake bayarwa, kamar "Störung" matsalar na'ura, "Bauarbeiten" gyaran hanya, "Polizeieinsatz" aikin 'yan sanda, ko "Notarzteinsatz" aikin likitan gaggawa, ba sa canza abin da za ka yi, sai dai biyun ƙarshe sukan ɗauki lokaci.

Wadda ta fi wahalar da baƙo ita ce "Ersatzverkehr", ko a rubuce SEV. Ma'anarta an rufe wani yanki na layin, bas ne zai ɗauke ku ya tsallake da ku. A ce kana cikin U8 sai aka ce jirgin ya ƙare a Gesundbrunnen, "Ersatzverkehr mit Bussen". Ka sauka, ka fita titi, ka bi alamar Ersatzverkehr da ake mannawa a bango ko a ƙasa. Bas ɗin zai ɗauki lambar layin jirgin a goshinsa, kuma tikitinka yana aiki a ciki, ba sabon biya. Ka duba alkiblarsa kamar yadda ka duba ta jirgi. Idan ka rasa wurin, tambayar ita ce "Wo ist der Ersatzbus?" A dandamalin U-Bahn akwai kuma ginshiƙi mai maɓallin Info da na SOS. Na Info ka danna ka yi magana da ma'aikaci, ka bar na SOS don haɗari na gaske.

Akwai kuma "Der Zug wird geteilt", za a raba jirgin gida biyu. Wanda zai tashi daga birnin München ya kula da wannan sosai: S1 mai zuwa filin jirgi ana raba shi a Neufahrn, wani ɓangare ya nufi filin jirgin, wani ya nufi Freising. Ka karanta abin da ke rubuce a jikin taragun da kake ciki, ba na goshin jirgin kaɗai ba, ka tabbata Flughafen ne, wato filin jirgi.

Idan ba Berlin ba ce

Tsarin alkibla da kalmomin sanarwa kusan ɗaya ne ko'ina, amma dokar tikiti ta kowane birni daban ce, kuma kar ka ɗauki ta wani ka kai wani. A Hamburg da Frankfurt tikitin tafiya ɗaya yana fitowa da lokacinsa a jiki, ba a buga masa tambari, don haka ba a sayensa a ajiye sai gobe. A München birnin shiyyar M ce, filin jirgin kuma yana shiyya ta 5. A Wien, babban birnin Ostiriya, birnin duka shiyya ɗaya ce amma filin jirgin yana wajenta, ana gaisuwa da "Grüß Gott", kuma a tashar jirgin ƙasa "Bahnsteig" za ka ji a inda Jamus ke cewa "Gleis". A Zürich ta Suwizalan tikiti "Billett" ne, gaisuwa "Grüezi", birnin shiyya ta 110 ce kuma ana ƙirga ta a matsayin biyu wajen biya. A na'urarsu za ka ga farashin rabi mai alamar 1/2. Na yara ne da masu katin rangwame na Halbtax, baƙon da ba shi da katin ya biya cikakke. Ƙa'idar da ba ta kuskure ita ce ka karanta takardar da ke hannunka: idan akwai "entwerten" da filin da ba a cike ba, a buga. Idan kwanan wata da lokaci sun riga sun fito, ta fara aiki.

Wanda zai yi wata ɗaya ko fiye a Jamus, ɗalibi ne ko ma'aikaci, ya duba Deutschlandticket. An fara shi a watan Mayun 2023 a kan yuro 49 a wata, ya koma 58 a 2025, sannan 63 a 2026. Yana aiki a bas, jirgin titi, U-Bahn, S-Bahn da jiragen yanki a faɗin ƙasar, ba ruwanka da shiyya ko tambari, amma ban da ICE da 'yan uwansa. Da sunanka yake fitowa, don haka ka riƙa yawo da katin shaida. Biyan wata-wata ne da ke sabunta kansa, kuma yana bin watan kalanda ne daga 1 ga wata. Idan za ka bar ƙasar, ka soke shi kafin ranar 10 ga watanka na ƙarshe ta wuce, in ba haka ba za a ciri kuɗin wata mai zuwa daga asusunka. Ɗalibi kuma ya fara tambaya a jami'arsa, domin da yawansu sun riga sun haɗa tikitin zangon karatu a cikin kuɗin rajista.